Jaka ɗaya ce ke fita a shagona, saura sun kwanta

Anti, barka da aiki. Ina ɗinka jakunkunan yadi ina sayarwa a wata kasuwar intanet, wata takwas ke nan. Kaya iri 24 na ɗora, amma cikin oda 60 da na samu, 52 duk na jakar kwamfutar tafi-da-gidanka ne. Jakar caja da ta alƙaluma da sauran kamar ba a ganin su. Yayana ne ya buɗe min shagon, shi ya ba ni jari, kuma shi ya rubuta bayanin shagon da rubutun da ke kan allon sama: "Barka da zuwa shago na ɗaya! Inganci 100%, farashi mai rahusa, amana ce takenmu, gamsuwarku ita ce burinmu." Yanzu kuma yana so a ƙara lambar wayarmu a kan allon. Raina yana ba ni cewa rubutun nan ba ya aiki, ga mutane kullum suna turo tambayar girman jaka da ranar da zan aika. Amma ina jin nauyin gaya masa, kar ya ce na raina ƙoƙarinsa. Me zan rubuta, kuma yaya zan yi da Yaya?

Ƙanwarki mai ɗinki

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abin da ranki yake ba ki gaskiya ne, amma kafin mu taɓa rubutun Yaya ina so ki tuna ta inda mutane suke shigo miki. Kusan babu wanda ya fara da shafin shagonki. Mutum ya rubuta "jakar kwamfuta" a wurin bincike, aka jero masa jakunkuna masu yawa, ya latsa taki, ya faɗo kai tsaye kan shafin jakar. Idan ta burge shi kuma hankalinsa ya kwanta, ya biya ya tafi, bai taɓa ganin allonki ba. Wanda ya ɗauki wahalar latsa sunan shago ya leƙo ciki kuwa, ɗayan biyu ne: ko dai jakar ta yi masa amma yana shakkar wanda zai tura wa kuɗi, ko kuma ya riga ya gamsu yana son ganin me kuma kike da shi. Allo da bayanin shago na mutanen nan biyu ne. Na farko amsar shakkarsa yake nema, na biyu kuma a nuna masa hanya.

To ki karanta rubutun Yaya da idon mai shakkar nan. "Inganci 100%" da "amana ce takenmu" magana ce da ɗan damfara ma zai rubuta, ya ma fi ki iya ƙawata ta, domin ba ta cin kowa komai. Ga yadda nake gwada kowace jimla a bayanin shago: in ɗauke ta in liƙa a shagon mai sayar da takalma ko mai sayar da agogo. Idan ta zauna daram ba a canza ko harafi ba, to ba ta faɗi komai game da ke ba, kuma mai saye zai tsallake ta kamar yadda ido yake tsallake duk abin da ya saba gani. Jimlar da ke kwantar da hankali ita ce wadda za a iya kama ki da ita in kin saɓa. "Ina aika kaya cikin kwana 3 na aiki" alkawari ne da mutum zai iya ƙirgawa da yatsunsa, kuma ya san ba za ki rubuta shi ba sai kin shirya cikawa.

Kayan aikin rubutun yana hannunki tuni, cikin saƙonnin da kike ƙorafin suna damunki. Ki buɗe saƙonni 30 na baya-bayan nan, ki ɗauki biro, ki ja layi a gaban kowace tambaya duk lokacin da ta maimaitu. Za ki ga tambayoyi uku ko huɗu ne suka cinye yawancin layukan. Kin riga kin faɗi biyu, girma da ranar aikawa, kuma ina kyautata zaton ta uku ita ce "in bai shige ba fa?" Duk mutum ɗaya da ya tsaya ya rubuto miki, akwai wasu da tambayar ta zo musu amma suka rufe shafin suka wuce shagon gaba. Bayanin shagonki amsar waɗannan tambayoyi ne, a jere bisa yawan layukan da kika ja.

Bari in rubuta miki misali, ke kuma ki gyara lambobin su dace da gaskiyarki:

"Ni kaɗai nake yanka da ɗinka duk jakar da ke shagon nan. Ina aika kaya cikin kwana 3 na aiki bayan an biya, in kuma wani abu ya gifta zan sanar da kai kafin ranar ta cika. Kowace jakar kwamfuta an rubuta awon cikinta da santimita, sai ka auna tsawo da faɗin kwamfutarka kafin ka zaɓa. Idan ba ta shige ba, ka rubuto min cikin kwana 14 a musanya maka, kuɗin dawo da ita a kanka, na sake aikawa a kaina. Caja ba ta shiga jakar kwamfuta ba tare da ta yi ƙullutu ba, shi ya sa nake ɗinka ƙaramar jakar caja da yadi iri ɗaya. Tana sashen Jakar caja da wayoyi."

Dubi maganar awo da kyau, domin a nan ne mai saye yake gane cewa yana gaban wadda ta san aikinta. Incin da ake kiran kwamfuta da shi, 13 ko 14 ko 15.6, awon fuskar gilashinta ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba awon jikinta ba. Kwamfutoci biyu masu inci 14 suna iya bambanta a faɗi da kauri, musamman tsohuwa mai faffaɗan baki da sabuwa siririya. Idan kika ce "ta inci 14" kawai, kin bar mutum da caca. Idan kika ce cikinta santimita 34 da 24 ne, kin miƙa masa abin da zai tabbatar da kansa da tef ɗin awo a gida. Jimla ɗaya irin wannan ta fi "inganci" goma.

Kwana ukun nan kuma kada ki zaɓe shi don ya yi daɗin ji. Ki duba odarki 20 ta ƙarshe, ki ga wadda ta fi daɗewa kafin ta bar hannunki. In kwana biyar ta yi, ki rubuta biyar. Wanda aka ce wa biyar ya samu a uku zai yabe ki, wanda aka ce wa biyu ya samu a uku zai rage miki tauraro, alhali kwanakin ɗaya ne. Haka ma sharaɗin musanya: abin da kika rubuta a bayani dole ya yi daidai da abin da kika saita a sashen ƙa'idojin shagon, domin ranar da rigima ta tashi masu kasuwar abin da aka saita za su duba, kuma mai saye da ya ga magana biyu a shago ɗaya zai ɗauka da gangan aka yi. In kina aika kaya ƙasashen Tarayyar Turai, ki sani doka a can ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki, ban da abin da aka ɗinka masa musamman bisa awonsa ko da sunansa, don haka "ba a dawo da kaya" ba magana ce da za ki rubuta kai tsaye ba.

Kin lura na rubuta "ni" ban rubuta "mu" ba. Masu ƙananan shaguna suna son "mu" don a ɗauke su kamfani, amma ke ƙarfinki shi ne mutum ɗaya ce da keken ɗinkinta, wadda za a yi wa magana ta amsa da kanta. Ki sa hoton hannunki a kan keke ko teburin da kike yanka yadi, ba lallai fuskarki ba in ba ki so. Tarihin yadda kika fara ɗinki yana da wurinsa, amma a ƙasa, bayan an amsa tambayoyi. Yawancin shafuka layi biyu ko uku na farko kawai suke nunawa a waya, saura sai an latsa an buɗe, don haka "barka da zuwa" tana cinye wurin da ya fi ko'ina tsada.

Yanzu allon sama. Shi ba wurin bayani ba ne, kuma dalilin lissafi ne kawai. A kasuwar Etsy, misali, girman da aka riƙa ba da shawara a da ga babban allo shi ne fiksel, ma'ana ɗigon hoto, 3360 a faɗi da 840 a tsaye, wato faɗin ya ninka tsayin sau huɗu. Faɗin fuskar waya a ma'aunin shafi kusan fiksel 400 ne a yawancin wayoyi, don haka hoton zai ƙanƙance kusan sau takwas ko tara. Harafin da Yaya ya gani ɓaro-ɓaro a kwamfuta mai tsayin fiksel 40 zai koma kusan 5 a waya, kamar sahun tururuwa. Ga shi wasu manhajojin suna datse gefen hoton dama da hagu. Saboda haka kalma biyar zuwa bakwai ta isa, da manyan haruffa, a tsakiyar allo, a kan fili mai launi ɗaya ba a kan yadi mai zane ba. Wani abu kamar "Jakar kwamfuta, caja da alƙaluma" ya wadatar, sauran aikin hoto ne zai yi: jakar nan da kowa yake saye a tsakiya, jakar caja a buɗe a gefenta ana ganin caja da waya a naɗe a ciki, ta alƙaluma a ɗaya gefen, duka yadi ɗaya. Wanda ya zo don jakar kwamfuta zai gane abin da ya kawo shi, a kallo ɗaya kuma ya ga tana da 'yan'uwa. Kada ki jera kaya 24 a kan allon, ido ba zai kama ko ɗaya ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: rubutun da ke cikin hoto hoto ne, ba rubutu ba. Kada ki dogara da cewa wurin bincike na kasuwar zai karanta shi, ba a kuma iya latsa shi kalma-kalma, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ma tana iya wuce shi. Duk abin da kike so a same ki da shi, ki rubuta shi a gurbin rubutu na gaske. Gurbin taken shago a Etsy harafi 55 yake ɗauka, bayanin kai na Instagram kuma 150, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. "Jakar kwamfuta da ta caja, ɗinkin hannu" harafi 39 ne, ya shige har da ragi, ya kuma faɗi abin da ake sayarwa da wanda ya yi shi. Ki duba iyakar da kasuwarki ta sa kafin ki zauna rubutu.

Sai mu zo kan abin da ya fi ci miki rai, kayan da suka kwanta. Tunda mutum 52 ta shafin jakar kwamfuta suka shigo kuma ta nan suka fita, gyaran allo kaɗai ba zai kai gare su ba. Dole alamar hanya ta kasance a inda suke tsaye, wato cikin bayanin jakar kanta. "Duba sauran kayanmu" ba alama ba ce, daidai take da ka ce wa baƙo "gidan yana can gaba." Ki nuna kaya ɗaya, ki faɗi dalili, ki sa adireshin shafinsa in kasuwar ta yarda a latsa daga kaya zuwa kaya a cikinta. Ki sa shi nan da nan bayan awo, inda tunanin mutum yake kan abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba: "Jakar ba ta da aljihun caja, don kar ƙarfen filogi ya danne murfin kwamfuta. Ga jakar caja mai yadi iri ɗaya, cikinta santimita 20 da 12, tana ɗaukar caja da wayar caji biyu." Kin ga abin da ya faru a nan: kin faɗi abin da jakar ba ta yi, wanda shi kansa yana ƙara yarda, kuma gazawar ce ta zama ƙofar kaya na biyu. A cikin hotunan jakar ma ki sa ɗaya da ke nuna su tare, amma ki rubuta a fili cewa ta cajar daban ake sayenta, in ba haka ba wani zai buɗe ƙunshinsa ya ga jaka ɗaya ya ce an cuce shi.

Sunayen sassan shago su ma rubutu ne, kuma ana yawan yin sakaci da su. "Sababbi", "Na musamman", "Sauran kaya" ba sa gaya wa kowa abin da ke ciki. Ki raba kayanki 24 gida huɗu ko biyar bisa abin da mutum zai zuba a ciki: na kwamfuta, na caja da wayoyi, na alƙaluma, na tafiya. Sunan da kika kira sashe a bayanin shago ya zama shi ne a jikin sashen harafi da harafi, kar mutum ya tafi neman abin da ba zai gani ba. Sannan ki jefa kaya biyu a kwandon saye kamar ke ce mai saye, ki ga ko kuɗin aikawa ya haɗe ko ya ninka. Na sha ganin shagon da rubutunsa ya yi kyau, mutum ya ɗauki kaya na biyu, da ya isa wurin biya ya ga an caje shi kuɗin aikawa sau biyu, ya cire. In ya haɗe, ki faɗa a bayani, domin dalili ne mai ƙarfi na ƙara kaya.

Maganar lambar waya kuwa, a nan ba ra'ayi ba ne, ƙa'ida ce. Na fahimci Yaya sarai: a ganinsa wanda ya ba da lambarsa ba ya ɓoye-ɓoye, kuma da a ce shagon shafinki ne na kanki, da na goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Amma manyan kasuwanni irin su eBay da Etsy daga cinikin da aka yi a cikinsu suke samun kuɗinsu, kuma ƙa'idarsu ta hana jan mai saye waje a ƙarasa ciniki. Lamba a kan allo tana iya jawo gargaɗi, ko sauke kaya, ko dakatar da shago, taurarin da kika tara wata takwas su tafi a banza. Mai saye mai wayo ma ya san in ya biya a waje ya rasa kariyar da kasuwa take ba shi, don haka lambar tana iya tsorata shi maimakon ta kwantar masa da hankali. Ki nemo sashen ƙa'idar kasuwarku da ya yi magana a kan haka ki nuna wa Yaya ya karanta da idonsa. Ta haka ba ke kika hana ba. Abin da yake so lambar ta yi, jimla ɗaya za ta yi shi: "Ina amsa saƙo cikin awa 24", in dai kin san za ki iya.

Shi kuma Yaya, ki yi masa adalci a ranki tukuna. Bai rubuta don ya cuce ki ba, ya rubuta irin abin da yake gani a shagunan mutane ne, a lokacin da ba ku da mai saye ko ɗaya balle saƙon da za a koya daga gare shi. Yanzu akwai. Kada ki je masa da "rubutunka bai yi ba." Ki je da takardar nan mai layuka, ki ce, "Yaya, dubi abin da mutane suke ta tambaya, ina ganin in muka amsa a shafin za mu huta." Sai ki miƙa masa wayarki, ba kwamfuta ba, ki roƙe shi ya karanta miki rubutun allon. Gani ya kori ji. In kuna da wani da bai taɓa ganin shagon ba, ku nuna masa shafin daƙiƙa biyar ku kife wayar, ku tambaye shi me ake sayarwa a nan. Amsar da zai bayar za ta yi maganar da ke kike jin nauyin yi. Kuma ki bar wa Yaya aiki a ciki, kamar haɗa sabon allon ko ɗaukar hoton jakunkunan uku, tunda shi ya iya wannan ɓangaren. In akwai kalmar da ya ƙallafa rai a kanta, "amana" misali, ba sai an yi faɗa ba, ta zauna a ƙarshen bayani inda ba ta tare wa kowa hanya.

In duk da haka ya dage, kada ki ja. Ki fara da abin da ba nasa ba: jimlar nuni a shafin jakar kwamfuta, awon santimita, sunayen sassa. Waɗannan ɗinkinki suka shafa, ba wanda zai ce kin taɓa masa rubutu, kuma gaskiya su ne suka fi tasiri a kan matsalarki. Allon ku yi yarjejeniya a gwada naki wata ɗaya, in bai fi ba a mayar da nasa.

Kafin ki canza komai, ki rubuta lambobi uku daga shafin ƙididdigar shagonki na kwana 30 da suka wuce: sau nawa aka buɗe shafin jakar caja, oda nawa ce ta ƙunshi kaya fiye da ɗaya, da saƙo nawa ne na tambayar girma ko ranar aikawa. Bayan kwana 30 ki sake dubawa. Da oda bakwai ko takwas a wata, lamba ta biyu za ta yi ta rawa, oda ɗaya tana iya juya ta, don haka ki fi dogara da ta farko da ta uku, su ne suke motsi da wuri. In buɗe shafin jakar caja bai ƙaru ba, ba a ganin nuninki, ki ɗaga shi sama ko ki duba ko adireshin yana latsuwa a manhajar waya. In ya ƙaru amma ba a saye, rubutun ya yi aikinsa, matsalar tana shafin jakar cajar, sai ki duba hotonta da awonta da kuɗin aikawa. In kuma tambayar girma ba ta ragu ba, awon yana ƙasa da inda rubutu yake yankewa a waya.

Sanarwar da ke da lokaci, irin ta hutu ko ragi, ki sa mata kwanan wata, ki kuma sa wa kanki tuni a waya na ranar cire ta. Mai saye da ya tarar da "zan dawo mako mai zuwa" ba tare da kwanan wata ba, ba shi da hanyar sanin jiya aka rubuta ko wata huɗu da suka wuce, kuma zai ɗauka babu kowa a shagon. Ki rubuto min bayan wata ɗaya da lambobin nan uku, ki kuma gaida min Yaya.